Tsarin Ciniki a Rubuce ga Ma'aikaci Mai Shiga Kasuwar Canji da Dare

Ma'aikacin da ke tashi daga ofis da yamma yakan tarar da kasuwar canjin kuɗi ta fara lafawa. Landan na rufewa wajen ƙarfe biyar zuwa shida agogon Najeriya da Nijar, sai New York ta ci gaba har ƙarfe goma, ko sha ɗaya daga Nuwamba zuwa Maris. Farashi ba ya yawan motsi a lokacin, shi kuma ga gajiya. Shi ya sa ake rubuta hukunci tun a ƙarshen mako, a shafi ɗaya, kafin kuɗi su shiga tsakani.

Da iyakar asara ake farawa. A ce jarinsa dala 500 ne, wadda ba kuɗin cefane ko haya ba ce. Sai ya rubuta cewa ciniki ɗaya ba zai ci fiye da kashi 1 cikin ɗari ba, wato dala 5. In ya faɗi sau biyu a dare ɗaya, ya rufe waya. In asarar wata ta kai dala 30, ya dakata sai sabon wata, kuma ba zai ƙara daga albashi ba.

Sai sharaɗin shiga. Ya tsaya kan EUR/USD kaɗai, daga bayan Isha'i zuwa tara da rabi. Zai saya ne idan farashin na hawa tun rana, ya ɗan sauko zuwa inda ya taɓa tsayawa, sannan ya sake ɗagawa. Ranar da babban bankin Amurka zai sanar da kuɗin ruwa, ƙarfe bakwai ko takwas na dare, babu ciniki, domin farashi kan yi tsalle ya wuce inda aka sa birki.

Ga lissafin. Ya saya a 1.0850, ya sa Stop Loss a 1.0835, tazarar pip 15, Take Profit kuma a 1.0880, tazarar pip 30. A lot 0.01, kowane pip santi 10 ne, don haka 0.03 zai ɗauka: asara dala 4.5, riba dala 9. Cikin ciniki goma, in huɗu sun ci shida sun faɗi, ya samu dala 36, ya rasa 27, saura 9 kafin a cire kuɗin dillali. In uku kaɗai suka ci, asara ce.

Akwai fita ta uku, ta lokaci. Tara da rabi na yi ya rufe, da riba ko babu, don ba zai iya lura da shi yana barci ba, kuma abin da ya kwana ana lissafa masa kuɗin ruwa.

Kowane dare ya rubuta ko ya bi tsarin. Matsar da Stop Loss baya, ko ƙara lot bayan asara don ramuwa, saɓa doka ne ko da an ci riba. Gyaran tsari sai ranar Asabar, kasuwa na rufe.