Rangwamen ƙarshen shekara: yadda dila zai nemi kamfani ya sake duba lissafi

A kasuwa irin ta Singa da ke Kano, babban dilan sabulu ko taliya yakan sayar da katan ɗaya da ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Abin da yake hange shi ne rangwamen ƙarshen shekara, wato wani kaso da kamfani ke mayar masa gwargwadon yawan kayan da ya saya a cikin wata goma sha biyu. Wasu har sayarwa suke yi a kan farashin da suka sayo, don dai kaya su yi gudu su cika adadin da aka ɗibar musu. Shi ya sa idan takardar kamfani ta iso da kuɗin da bai kai abin da ake zato ba, ran mutum yake ɓaci, ya fara kiran wakilin kamfani a waya yana faɗa. Faɗan ba ya ƙara masa ko sisi, domin wakili ba shi ke riƙe da lissafi ba. Abin da ke aiki shi ne buƙata a rubuce, tare da lissafin da ofishin kuɗi na kamfanin ba zai iya turewa ba.

Bari mu ƙaddara wani dila mai sayen sabulu da garin wanki. Yarjejeniyarsa da kamfani ta ce idan cinikin shekara ya kai naira miliyan 200 yana da kashi 1 cikin 100, idan kuma ya kai miliyan 300 yana da kashi 2. Da ya tara rasitansa daga Janairu zuwa Disamba sai ya ga miliyan 344, ya saki jiki. Kamfani kuwa ya rubuto masa cewa cinikinsa miliyan 293 ne, don haka rangwamensa naira miliyan 2 da dubu 930. Ina sauran suka shiga?

Yawancin giɓin yana wajen dilan ne. Rasitansa sun haɗa da harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin 100, wanda ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020. Wannan kuɗin gwamnati ne, kamfani karɓa kawai ya yi a madadinta, kuma a bisa al'ada ba a ba da rangwame a kansa. Idan aka cire shi, miliyan 344 ta koma 320. Sai kayan da suka lalace a hanya ya mayar aka rage masa kuɗinsu, na miliyan 6. Sai kuma kayan miliyan 9 da ya saya lokacin garaɓasar azumi, waɗanda yarjejeniya ta ce ba sa shiga lissafi tunda an riga an yi ragi a kansu. Saura miliyan 305. Da ya rubuta wasiƙa yana neman kashi 2 na miliyan 344, da a layin farko akawun kamfani zai gane mutumin bai karanta takardarsa ba, ya ajiye wasiƙar gefe.

To amma 305 ba 293 ba ce. Akwai miliyan 12 da ba a gani ba, kuma a kansu duk maganar ta rataya, domin su ne ke tsallakar da shi zuwa mataki na biyu. Hanyar gano su ita ce ya nemi kamfani ya ba shi cikakken bayanin asusunsa na shekarar, ya zauna da yaron da ke riƙe masa littafi su bi rasit ɗaya bayan ɗaya, lamba da kwanan wata da kuɗi. Aiki ne mai gundura, amma babu wata gajeriyar hanya. A misalinmu, sai suka tarar da lodin mota guda wanda aka yanka wa rasit ranar 29 ga Disamba, amma bai sauka a sito ba sai 3 ga Janairu, kuma kamfani ya jefa shi cikin sabuwar shekara. Nan sai a koma ga yarjejeniya: da wace rana ake ƙirge, ranar rasit, ko ranar sauke kaya, ko ranar biyan kuɗi? Idan ranar rasit ta ce, lodin na tsohuwar shekara ne, rangwamen kuma ya tashi zuwa kashi 2 na miliyan 305, wato naira miliyan 6 da dubu 100. Lodi ɗaya ya jawo bambancin naira miliyan 3 da dubu 170. Wani lokaci ɓatan yakan zo ne daga asusu biyu, idan dila yana da lamba ɗaya ta shago da wata ta reshe, aka lissafa ɗaya aka bar ɗaya.

Akwai wani layi kuma da ya kamata a karanta da idon basira. Shin kashi 2 ɗin a kan duka cinikin ne, ko a kan abin da ya haura miliyan 300 kaɗai? Idan na biyun ne, dilan zai sami miliyan 3 a kan miliyan 300 na farko, da dubu 100 a kan miliyan 5 da suka yi sama, jimla miliyan 3 da dubu 100. A nan abin da yake bi bai wuce dubu 170 ba. Haƙƙinsa ne ya nema, amma gara ya san girman abin tun kafin ya ɗaga murya. Haka ma ita kanta shekarar, ba kowane kamfani ke rufe littafi a Disamba ba. Flour Mills of Nigeria na rufewa ne a 31 ga Maris, PZ Cussons Nigeria kuma a 31 ga Mayu, don haka a tabbatar da watannin da yarjejeniya ta ambata.

Wasiƙar kanta ba ta buƙatar tsawo. A aika wa manajan ciniki na yanki, a ba ofishin kuɗi kwafi, a kuma karɓi shaidar cewa ta isa. A sa lambar asusu, da watannin da ake magana a kai, da sakin layin yarjejeniyar da aka dogara da shi. Daga nan a nuna lissafin kamar yadda muka yi a sama, har da abubuwan da dila ya cire da hannunsa, domin wannan ke sa a yarda da sauran. A haɗa kwafin rasit da takardar rakiyar kaya na lodin da ake saɓani a kai, a roƙi amsa zuwa wata rana takamaimai. A kuma faɗi yadda ake son biyan. Kamfanoni da yawa ba sa ba da tsabar kuɗi, takarda suke bayarwa ta rage bashi ko a cire daga kuɗin lodi na gaba. Wanda ke shirin barin kamfanin ya daidaita wannan tun da wuri.

Abubuwa biyu kan kashe buƙatar ko da lissafi ya yi daidai. Ɗaya shi ne jinkirin biya: yarjejeniyoyi da dama sun ce wanda ake bi bashin da wa'adinsa ya wuce ba shi da rangwame, ko kuma rasitan da aka biya a makare ba sa shiga ƙirge. Ɗayan shi ne wa'adin ƙorafi, wanda idan ya wuce an ɗauka dila ya amince da adadin kamfani. Shi kuwa wanda ba shi da komai a rubuce, sai alkawarin baki da wani wakili ya yi masa, ya sani alfarma yake nema ba bashi yake bi ba, musamman idan an sauya wa wakilin wurin aiki. Zai iya kafa hujja da yawan cinikinsa da biyansa a kan kari, amma harshen wasiƙarsa ya zama na roƙo. Ko an ba shi ko an hana, kada ya ɗauki lodin farko na sabuwar shekara sai an rubuta masa matakan rangwamen da ranar da ake ƙirge da ita, an sa hannu.