WHERE ko HAVING? Inda aka tace layi da inda aka tace jimilla

Yau hirar tamu ta masu koyon SQL ce, wato yaren da ake yi wa ma'ajiyar bayanai tambaya da shi. Akwai wata tambayar kacici-kacici da ke kayar da masu koyo sosai, kuma abin haushin shi ne kwamfuta ba ta nuna maka jan rubutu. Za ka rubuta umarninka, ya yi aiki lami lafiya, ya fito maka da amsa, amma amsar ba ita ba ce. Tushen matsalar kalmomi biyu ne, WHERE da HAVING. Dukansu tacewa suke yi, sai dai ba abu ɗaya suke tacewa ba, kuma ba lokaci ɗaya ba.

Ga tambayar. A ce wani mai shago yana da rassa uku, kuma duk cinikin da aka yi ana rubuta shi a tebur mai suna `ciniki`. Layi bakwai ne kacal a ciki:

```
id | reshe    | kudi
1  | Kano     | 30000
2  | Kano     | 25000
3  | Kano     | 10000
4  | Kaduna   | 60000
5  | Kaduna   | 8000
6  | Sakkwato | 52000
7  | Sakkwato | -12000
```

Layi na 7 ɗin nan mai alamar ragi, wani ne ya dawo da kaya aka mayar masa da kuɗinsa. Sai aka ce: nemo rassan da jimillar cinikinsu ta wuce naira 50,000.

Kafin mu taɓa kwamfuta, mu yi lissafin da ka. Kano tana da 30,000 da 25,000 da 10,000, ya kama 65,000. Kaduna tana da 60,000 da 8,000, ya kama 68,000. Sakkwato kuwa 52,000 ne aka cire 12,000, saura 40,000. To ka ga amsar da ake nema ita ce Kano da Kaduna. Ku riƙe wannan, don da shi za mu auna komai.

Yawancin masu koyo ga abin da suke fara rubutawa:

```sql
SELECT reshe, SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE SUM(kudi) > 50000
GROUP BY reshe;
```

A tunani dai ba laifi, tunda jimilla aka ce. Amma wannan ba ya ma tashi. Idan PostgreSQL kake amfani da shi zai ce maka `aggregate functions are not allowed in WHERE`, MySQL kuma ya ce `Invalid use of group function`. To a nan ne ake zamewa. Mutum ya ga SUM ne ke jawo rigima, sai kawai ya goge shi daga wannan layin don a zauna lafiya:

```sql
SELECT reshe, SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE kudi > 50000
GROUP BY reshe;
```

Yanzu kam ya yi aiki, babu ƙorafi. Ya fito da Kaduna 60,000, da Sakkwato 52,000. Ku duba da kyau, ɓarna uku ce a wannan ƴar amsar. Kano da ya kamata ta fito ta ɓace gaba ɗaya. Sakkwato da bai kamata ta fito ba ta shigo. Kaduna kuma ta fito, amma da 60,000 maimakon 68,000. Ka ga ko layi ɗaya babu wanda yake daidai. Da a ce da wannan sakamakon mai shago zai raba wa ma'aikata lada, da ƴan Kano sun tashi a tutar babu, alhali sun fi ƴan Sakkwato ciniki.

Me ya faru? Abin da ke rikita mutane shi ne yadda muke rubuta SQL daban, yadda ake fassara shi daban. Mu da SELECT muke farawa, amma a tsarin ma'anar yaren FROM ne farko, ana ɗauko tebur. Daga nan sai WHERE ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye waɗanda suka cika sharaɗi ya watsar da sauran. Bayan haka ne GROUP BY zai tara abin da ya rage rukuni-rukuni, a yi lissafin jimilla. Sannan HAVING ya zo ya duba rukunan, ya zaɓi waɗanda za su wuce. SELECT sai bayan duk wannan yake zuwa.

Idan ka gane wannan jerin, kuskuren farkon nan ma ya zama mai ma'ana. A lokacin da WHERE ke aiki ba a tara komai ba tukuna, babu wata jimilla da zai duba. Kamar ka tambayi mai shago nawa ya yi yau tun yana buɗe ƙofa da safe ne. Shi ya sa aka hana SUM da COUNT da AVG zama kai tsaye a cikin WHERE.

To mu bi umarni na biyu sannu a hankali. WHERE ya tsaya a kan layi na 1, ya tambaya: 30,000 ta wuce 50,000? A'a, waje. Haka ya yi wa layi na 2 da na 3. Ka ga Kano ta ƙare tun ba a kai ga tarawa ba, don babu ciniki guda ɗaya nata da ya kai 50,000 shi kaɗai. Layi na 4 ya wuce, na 5 mai 8,000 ya faɗi, shi ya sa jimillar Kaduna ta ragu. Layi na 6 ya wuce, na 7 mai ragin 12,000 ya faɗi, sai Sakkwato ta zama kamar ba a taɓa dawo mata da kaya ba. Layi biyu kawai suka isa wurin GROUP BY. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba fa, wata tambayar daban ta amsa: a tara mini manyan cinikin da kowannensu ya wuce 50,000.

Gyaran shi ne a mayar da sharaɗin inda jimilla ta riga ta samu:

```sql
SELECT reshe, SUM(kudi)
FROM ciniki
GROUP BY reshe
HAVING SUM(kudi) > 50000;
```

A nan duk layuka bakwai sun shiga lissafi. An samu rukuni uku, 65,000 da 68,000 da 40,000, sai HAVING ya cire na Sakkwato. Saura Kano da Kaduna, daidai da abin da muka lissafa da ka.

Akwai kuma wanda yake jin an ce a koma HAVING, sai ya kwashi sharaɗin yadda yake ya rubuta `HAVING kudi > 50000` ba tare da SUM ba. Wannan ma tarko ne. Bayan an tara layukan Kano uku wuri ɗaya, wane `kudi` ake nufi, 30,000 ko 25,000 ko 10,000? PostgreSQL zai ƙi karɓa. SQLite kuwa zai karɓa, ya ɗauki kuɗin layi ɗaya daga cikin rukunin ya gwada da shi, kuma bai yi maka alkawarin wanne zai ɗauka ba. Don haka idan da SQLite kake gwaji, kada shirun da ya yi ya ruɗe ka.

Kada kuma wani ya fita daga shirin nan yana cewa ashe WHERE ba ya tafiya da GROUP BY. Yana tafiya, sau da yawa ma dukansu biyun ake buƙata. A ce mai kacici-kacicin ya canza tambaya: nemo rassan da jimillarsu ta wuce 50,000, amma ban da kayan da aka dawo da su. Sharaɗi biyu ke nan. Na cire kayan da aka dawo da su a kan kowane layi yake, na jimilla kuma a kan rukuni:

```sql
SELECT reshe, SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE kudi > 0
GROUP BY reshe
HAVING SUM(kudi) > 50000;
```

WHERE ya cire layi na 7 kaɗai, don haka Sakkwato ta koma 52,000 ta wuce tare da Kano da Kaduna. A wannan karon fitowarta halas ce, tunda abin da aka tambaya ke nan.

Yaya za ka gane wanda ya dace tun daga karanta tambaya? Ka tambayi kanka: idan na rufe duk tebur ɗin na bar layi ɗaya, zan iya cewa ya cika sharaɗin ko bai cika ba? Idan za ka iya, na WHERE ne. Layi ɗaya ya isa ka san ko cinikin na Kano ne, ko kuɗin ya wuce sifili. Idan kuwa sai ka leƙa sauran layukan, na HAVING ne. Duk inda ka ji an ce jimilla, ko matsakaici, ko sau nawa, to ka san maganar rukuni ake yi.

Idan kuma ka riga ka rubuta kana shakka, ga gwaji mai sauƙi. Ka ƙara `COUNT(*)` a cikin SELECT don ka ga layi nawa ne suka shiga kowane rukuni. A umarnin nan da ya ɓata, Kaduna za ta nuna 1, alhali layi biyu gare ta a tebur. Da ka ga haka ka san an zubar da wani abu kafin lissafi. Kana kuma iya cire sharaɗin gaba ɗaya, ka bar GROUP BY kawai, ka ga jimillar kowa, sannan ka kwatanta.

Abu na ƙarshe, akwai lokacin da biyun ke ba da amsa iri ɗaya, kuma shi ke sa kuskuren ya daɗe a ɓoye. Idan sharaɗin a kan `reshe` yake, wato abin da aka yi rukuni da shi, misali `reshe = 'Kano'`, ko'ina ka sa shi amsa ɗaya za ka samu. Amma WHERE ne gurbinsa, tunda sharaɗin layi ne. Haka kuma da a ce kowane reshe layi ɗaya gare shi a tebur, umarnin da ya ɓata ɗin nan zai ci kacici-kacicin, don jimillar layi ɗaya ita ce layin. Sai ranar da bayanai suka ƙaru asiri ya tonu. Shi ya sa idan za ka gwada umarninka, ka tabbata akwai rukunin da ƙananan lambobi ne suka taru suka yi yawa, irin Kano a misalinmu.

Ga aikin gida da wannan tebur ɗin: nemo rassan da suka yi cinikin da ya wuce 20,000 aƙalla sau biyu. Ku fara lissafawa da ka, sannan ku raba sharuɗɗan, wanne na layi, wanne na rukuni. Da amsar za mu buɗe shiri na gaba in sha Allahu. Mu kwana nan, a huta lafiya.