Kofin La'asar da Ke Kai Mutum Har Asuba

Kofi ɗaya na gahawa ba ya ɗaukar minti goma a sha shi, amma sinadarin kafeyin da ke cikinsa yakan yini a jiki, wani lokaci har ya kwana. A nan ne yawancin masu shan kofi ke kuskuren lissafi. Suna auna aikinsa da lokacin da suke jin wartsakewa, wato sa'a biyu ko uku, alhali hanta tana nan tana fama da ragowarsa bayan wartsakewar ta daɗe da gushewa. Rashin barci, faɗuwar gaba da bugun zuciyar da mutum ke ji cikin dare sau da yawa daga wannan ragowar suke fitowa.

Kafeyin ba ya daɗewa a ciki. Cikin minti 45 kusan dukkansa ya ratsa hanji ya shiga jini, kuma yakan kai ƙololuwarsa tsakanin rabin sa'a da sa'a guda, ko ya ɗan jinkirta idan an sha bayan cin abinci mai nauyi. Daga jini sai ƙwaƙwalwa, inda yake cin karo da wani sinadari mai suna adenosin. Tun daga farkawa da safe adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, yana kama wasu 'yan gurabe a jikin ƙwayoyinta, kuma yawan abin da ya kama shi ne nauyin idon da mutum ke ji da dare. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, don haka yana shiga waɗannan gurabe ya toshe su, kamar makullin da ya shiga kwaɗo ya ƙi juyawa, ya kuma hana na ainihi shiga. Gajiyar tana nan daram, saƙonta ne kawai ba ya isa. Shi ya sa idan ƙarfin kofin ya ja baya, barcin da ya taru yakan taso wa mutum gaba ɗaya.

Hanta ce ke da aikin karya kafeyin, ta hanyar wani sinadarinta da masana ke kira CYP1A2. Ba ta kawar da shi a lokaci guda. A jikin baligi mai lafiya, tana rage rabin abin da ke jini a kowace sa'a biyar ko makamancin haka, sannan rabin ragowar a sa'a biyar ta gaba, haka nan har ya ƙare.

A ɗauki misalin tela a makon jajibirin sallah, ɗinki ya yi masa yawa, masu kaya sun matsa. Bayan la'asar, da ƙarfe huɗu, ya je wurin mai shayi ya ce a haɗa masa mai ƙarfi. Ƙaramin cokali na garin Neskafe yakan ɗauki kafeyin kusan miligiram 60, shi kuwa an tula masa cokali biyu har da tozo a cikin ruwan shayin da shi ma yake da nasa, kusan miligiram 40. A ƙiyasce ya sha miligiram 200. Da ƙarfe tara na dare akwai sauran 100 a jikinsa, wato kwatankwacin cikakken kofi na dafaffen gahawa. Da ƙarfe biyu na dare akwai 50. Ko da ladan ya kira asuba, akwai abin da ya haura 30. Idan kuma ya ɓare goro bayan isha'i, ya ƙara a kan tsohon, domin goro ma kafeyin ne ke sa shi hana barci.

Wannan sa'a biyar matsakaici ne kawai. Idan telan mai shan taba ne, hayaƙin yana zaburar da hanta, sai ta karya kafeyin da saurin da ya kusa ninki biyu. Wannan ne dalilin da wanda ya daina taba kan ji kofin da ya saba sha ya fara sa shi rawar hannu. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa, lokacin yakan ninka a jikinta ya kai sa'a goma. A watannin ƙarshe na ciki yana iya kaiwa sa'a 15, kuma kafeyin yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayin da hantarsa ba ta fara wannan aiki ba. Ko maganin sifro da ake yawan bayarwa don taifod yana rage wa hanta saurin karya shi, sai mai jinya ya ji kofi ɗaya ya yi masa aikin biyu. Akwai kuma gado: wasu an haife su da hanta mai sauri, wasu mai nawa. Saboda haka maƙwabcin da ke shan gahawa bayan isha'i ya kwanta ya yi ta minshari ba ma'auni ba ne ga kowa.

Ko shi mai minsharin, ba lallai ne barcinsa ya cika ba. A shekarar 2013, Christopher Drake da abokan aikinsa a Detroit ta Amurka sun bai wa mutane miligiram 400 na kafeyin a lokuta uku: daidai lokacin kwanciya, sa'a uku kafin kwanciya, da sa'a shida kafin kwanciya. Na'urar auna barci ta nuna cewa ko wanda aka sha sa'a shida kafin kwanciya ya ci fiye da sa'a ɗaya daga barcinsu, su kuwa mutanen ba su lura da girman asarar ba. Kafeyin yana jinkirta zuwan barci, yana kuma rage barci mai nauyi na farkon dare, wanda shi ne ke warware gajiyar jiki. Alamar da ake ganewa ita ce mutum ya yi sa'a bakwai a kwance ya tashi jiki a mace, ya nemi kofi mai ƙarfi da safe, ya ƙara wani da yamma don ya kai dare, daren kuma ya sake lalacewa.

Batun zuciya ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Kafeyin yana sa jiki ya saki adirenalin, yana kuma ɗan tsuke jijiyoyin jini, sai awon jini ya ɗan hau na 'yan sa'o'i, musamman ga wanda bai saba sha ba. A kofi ɗaya ko biyu, yawan bugun zuciya sau da yawa ba ya ƙaruwa, yakan ma ɗan ragu, domin jiki yana mayar da martani ga hawan awon ta hanyar sassauta bugun. Abin da mutum ke ji a ƙirji shi ne ƙarfin bugun. Sai an sha da yawa ne saurin ke bayyana sosai.

Wani gwaji da Gregory Marcus na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2023, ya liƙa wa mutum 100 na'urar auna zuciya har mako biyu, wasu ranaku su sha kofi, wasu ranaku su ƙaurace masa. Bugun da ke riga lokacinsa daga ɗakunan zuciya na sama bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Na ɗakunan ƙasa kuwa ya tashi daga 102 zuwa 154 a rana. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, don haka wannan ƙari ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya, amma shi ne abin da wasu ke ji kamar zuciya ta tsallake bugu ɗaya. Gwajin ya kuma nuna cewa a ranakun kofi mutanen sun ƙara taku kusan 1,000, sun kuma rasa barcin kusan minti 36.

Mai son ya san inda yake zai iya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun na minti ɗaya yana zaune, kafin ya sha da kuma sa'a guda bayan ya sha. Tsakanin 60 da 100 shi ne daidai ga baligi. Bugun da ya zo da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri ko suma ba a jira shi ya wuce a gida, asibiti ake zuwa. Mai hawan jini kuma ya guji kofi aƙalla rabin sa'a kafin a auna shi, don kada awon ya ruɗi likita.

Alamomin da yawan kafeyin ke kawowa, wato bugun ƙirji, gumin tafin hannu, rawar yatsu da rashin natsuwa, su ne dai alamomin fargaba. Ƙwaƙwalwar da ta ji jiki a wannan hali takan shiga neman abin da ake tsoro, kuma da wuya ta rasa: bashi, jarrabawa, rashin lafiyar yaro. Ga mai ciwon firgita, wanda tsoro ke auko masa haka kawai har ya ji kamar ransa zai fita, abin ya fi tsanani. A gwaje-gwajen da aka bai wa irin waɗannan marasa lafiya kusan miligiram 480 a lokaci guda, kusan rabinsu firgitar ta tashi, alhali a cikin masu lafiya da ƙyar aka samu wanda hakan ta faru da shi. Wanda gabansa ke yawan faɗuwa ba dalili ya cancanci a tambaye shi kofi nawa yake sha kafin a tafi neman dalilai masu nisa.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini, kuma kada ya wuce 200 a zama ɗaya, ba ya da haɗari ga baligi mai lafiya. Ga mai ciki da mai shayarwa iyakar ita ce 200 a yini. Lissafin ya haɗa da komai: gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da 80, ƙwayar Panadol Extra ɗaya tana da 65, ga shayi, ga goro, ga lemon kwalba mai kola.

Wanda ya ga ya wuce gona da iri, yankewa lokaci guda tana da tata wahalar. Ciwon kai yakan fara sa'a 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, ya tsananta a rana ta biyu, tare da kasala da saurin fushi, kuma yana iya kaiwa kwana biyu zuwa tara. Dalilinsa shi ne jijiyoyin jinin kai da kafeyin ya saba tsukewa sun buɗe. Yana daga cikin abin da ke kawo ciwon kan da mashaya shayi da goro ke fama da shi a farkon azumin Ramadan. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa rage rabin cokali duk bayan kwana uku ko huɗu, a kuma fara da janye kofin yamma. Ga telan da ke kwanciya ƙarfe goma sha ɗaya, barin tazarar sa'a takwas na nufin kofinsa na ƙarshe ya kasance kafin ƙarfe uku na rana, da cokali ɗaya a shafe, kuma idan goro zai ci, ya ci shi da hantsi.