Kayan gida a biyan kashi-kashi: nawa ne ainihin kuɗin da ake biya?

A shagunan kayan lantarki na titin Beirut a Kano, da makamantansu a Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, an daɗe ana sayar da firiza da talbijin da injin wanki a biya kaɗan-kaɗan. Haka ma masu katifa da gado da kujeru, musamman idan biki ya matso kuma kayan ɗakin amarya ba su kammala ba. Mai shago zai ce: "Alhaji, ba sai ka takura kanka ba, kawo abin da ya sawwaƙa, sauran ka riƙa biya duk wata." Magana ce mai daɗin ji, kuma sau da yawa ba ƙarya a cikinta. Abin da ba ya fitowa fili shi ne cewa ciniki biyu ake ƙullawa a lokaci guda: na kayan, da na bashin. Yawancin masu saye suna tayawa a kan na farko, na biyun kuwa sai su karɓa yadda aka miƙo shi.

A ɗauki misalin firiza wadda kuɗinta hannu da hannu ₦300,000 ne. Mai shago ya ce a ba da kafin alƙalami ₦90,000, sannan a riƙa biyan ₦45,000 duk wata har wata shida. Lissafin farko, wanda ko a wayar hannu za a yi shi cikin minti ɗaya, shi ne a tara duk abin da zai fita daga aljihu. ₦45,000 sau shida ya kama ₦270,000. A haɗa da kafin alƙalami, jimilla ₦360,000. Ke nan an ɗora ₦60,000 a kan kuɗin firiza.

A nan ne mai shago zai ce ai ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne kawai, domin ₦60,000 kashi ɗaya cikin biyar ne na ₦300,000. Lissafin ya yi daidai a baki, amma an auna shi da abin da bai dace ba. Mai saye bai ci bashin ₦300,000 ba, tunda ya ajiye ₦90,000 tun kafin a ɗora firizar a mota. Bashinsa ₦210,000 ne, kuma a kan wannan ne aka ɗora ₦60,000. Idan aka raba, ƙarin ya kusa kashi 29 cikin ɗari.

Har yanzu da saura. Wannan ₦210,000 ba ya zama a hannun mai saye tsawon wata shida cur. Idan aka raba uwar kuɗin gida shida, kowane wata yana rage ₦35,000. A watan farko ana binsa ₦210,000, a na biyu ₦175,000, a na uku ₦140,000, haka har watan ƙarshe da ake binsa ₦35,000 kacal. Amma ƙarin da yake biya bai ragu ba ko sau ɗaya: ₦10,000 ne a watan farko, ₦10,000 ne a watan ƙarshe. Idan aka tara bashin watannin shida za a sami ₦735,000, kuma idan aka raba ₦60,000 da wannan adadi, za a ga cewa a kan kowace naira ɗari da ake binsa yana biyan kusan naira takwas a wata. A shekara wannan ya haura kashi 90 cikin ɗari. Don a gane girman abin, kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade a ƙarshen shekarar 2024, wanda aka yi ta kuka da tsadarsa, kashi 27.5 ne a shekara.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi ga wanda ba ya son dogon lissafi. Tunda bashin yana raguwa ne daga cikakke zuwa babu, abin da mutum ya riƙe a matsakaici ya ɗan haura rabin bashin. Don haka duk kason da aka samu bayan an raba ƙarin da ainihin bashin, a kusan ninka shi biyu, shi ne nauyin gaskiya na tsawon lokacin biyan.

Wani ramin kuma yana cikin farashin da aka fara lissafi da shi. A kasuwar Hausa ba a sayen firiza a kuɗin da aka fara faɗa. Wanda ya zo da kuɗinsa a hannu zai taya, a ce albarka, ya ƙara, ya yi kamar zai tafi, ƙarshe wataƙila a sallama masa a ₦280,000. Wanda ya zo neman bashi ba shi da wannan bakin. Yana jin kamar alfarma ake yi masa, sai ya ji nauyin tayawa. Idan ainihin kuɗin hannu ₦280,000 ne, ƙarin ba ₦60,000 ba ne, ₦80,000 ne. Shi ya sa masu wayo suke fara ciniki kamar da kuɗi suka zo, sai an sallama sannan su tambayi yadda za a yi idan kashi-kashi ne. Kuma yana da kyau a leƙa shago biyu ko uku da ba sa ba da bashi, domin a can ake jin farashin gaskiya.

Biyan kullum ya fi biyan wata ɓoye kansa. Katifar ₦80,000 da aka ce a riƙa ba da ₦1,000 a rana har wata huɗu ta zama ta ₦120,000, wato an ƙara rabin kuɗinta. Dubu ɗaya ba ta da zafi a fitarwa, kuɗin cefanen safe ma ya fi ta, shi ya sa ba a ninka ta da kwanakin. Idan kuma ta hannun mai POS ake turawa, yana karɓar ₦100 a kowane turi, an ƙara wata ₦12,000 da ba ta cikin maganar da aka yi da mai shago. Kuɗin fom, kuɗin dako, kuɗin haɗawa, duk wanda mai sayen hannu ba zai biya ba, shi ma a sa shi cikin jimilla.

Sai dai a yi wa ɗan kasuwa adalci. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato kusan kashi biyu da rabi duk wata. Mai shagon da ya ba da firiza a watan Janairu ya karɓi cikon kuɗinsa a Yuli ba zai iya sayo irinta a tsohon farashi ba, ga kuma waɗanda ke gudu da bashi. Wannan yana taɓa lissafin mai saye ma. A ce ya riƙe ₦90,000 ɗinsa, ya shiga adashi ko ya riƙa tara ₦45,000 duk wata. Idan farashi ya tsaya, a wata biyar yana da ₦315,000: ya sayi firiza, ga canjin ₦15,000, kuma babu biyan wata na shida. Amma idan kaya na tashi da kashi biyu da rabi a wata, sai ya kai wata shida kafin ya cim ma farashin, lokacin firizar ta kusa ₦348,000. Abin da ya tsira da shi kusan ₦12,000 ne kawai, kuma ya yi wata shida babu firiza. Don haka a lokacin da naira ke faɗuwa, bashin kaya yana iya zama da ma'ana. A lokacin da farashi ya lafa, tsadarsa ce ke fitowa tsirara.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin kayan da ke kawo kuɗi da wanda ke zaune kawai. Matar da za ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo tana samun ribar ₦2,000 a rana za ta haɗa ₦60,000 a wata, firizar ta biya kanta har da rara. Sharaɗin dai shi ne wuta: unguwar da ke kwana uku ba a kawo lantarki ba, wannan lissafin ya rushe, biyan wata kuwa ba ya jiran mai kawo wuta. Kujerun falo da talbijin ba sa mayar da ko kwabo, daga albashi ko cefane za a cire kuɗinsu.

Mutane da yawa suna tambaya ko wannan ƙarin yana cikin ribar da addini ya haramta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta zartar cewa ya halatta kuɗin ajali ya fi kuɗin hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki. Abin da ta hana shi ne a ƙara wa mutum kuɗi saboda ya makara da biya. Wannan hukunci yana da amfani ko ta fuskar aljihu kaɗai, domin tarar makara ita ce ke mayar da farashin da aka sani ya zama wanda ba a san iyakarsa ba. Tarar ₦5,000 a kowane mako, idan albashi ya yi jinkirin mako uku sau biyu a cikin wata shida, ta ƙara ₦30,000, firizar ta koma ₦390,000. Halaccin ciniki kuma ba ya nufin araha. Ciniki yana iya halatta ya kuma yi tsada.

Babbar asara tana zuwa ne idan biya ya tsaya gaba ɗaya. Wanda ya biya wata huɗu ya riga ya ba da ₦270,000, kashi 90 cikin ɗari na kuɗin firizar a hannu. Idan takardar da ya sa wa hannu ta ce kayan na mai shago ne har sai an biya kwabon ƙarshe, kuma abin da aka biya kuɗin haya ne, ana iya zuwa a ɗauke firizar ya tashi babu ita babu kuɗinsa. Wayoyi da na'urorin sola da ake bayarwa bashi ma ba sai an zo ba, daga nesa ake kulle su. Dokar sayen kaya ta hanyar haya ta 1965 ta hana ƙwace kaya ba tare da kotu ba idan an biya wani kaso mai yawa, amma in ban da motoci, ta tsaya ne a kan kayan da kuɗinsu bai wuce ₦2,000 ba, adadin da yau ko bokitin roba mai kyau da ƙyar zai saya. A aikace, abin da ke kare mai sayen firiza shi ne abin da aka rubuta tsakaninsa da mai shago.

Saboda haka, kafin a ba da kafin alƙalami, takardar ta faɗi jimillar kuɗin da lamba da kuma ranar biyan ƙarshe, ta faɗi abin da zai faru idan an makara, da nawa za a mayar wa mai saye idan aka karɓe kayan. A tambayi ko za a rage wani abu ga wanda ya biya sauran gaba ɗaya kafin lokaci, domin wasu shagunan suna karɓar cikakken ₦360,000 ko da a wata na biyu aka kammala. A tambayi wanda zai gyara idan injin firizar ya mutu ana tsakiyar biya, kuma a karɓi katin garanti tun ranar ɗauka. Kowane biya a karɓi rasit mai kwanan wata da ragowar bashi, ko a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan shagon, domin yaron shago da ke zagayawa karɓar kuɗi yana iya barin aiki ya tafi da littafin. Idan rigima ta taso, da waɗannan takardun ake zuwa wurin shugabannin kasuwa, ko kotu, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi a kan sharuɗɗan ciniki na zalunci.