Jimla da Bambancin Muka'abi a Aljabara: Gaɓar da Ba Ta Rabuwa

A ilimin lissafi, idan aka ninka lamba da kanta, abin da ya fito shi ne murabba'inta. Idan kuwa aka sake ninka wannan murabba'i da lambar, an sami muka'abinta. Don haka 9 murabba'in 3 ne, 27 kuma muka'abinsa, ana rubuta shi 3³. Lambar da aka faro da ita, wato 3, ita ce saiwa, kuma ita ake fara nema, kamar yadda mai nazarin ginin kalma kan fara da gano saiwa kafin ya waiwayi ɗafi.

Ana gane jimlar muka'abi ko bambancinsu da alamu biyu: sassan lissafin biyu ne kacal, kuma kowane sashe muka'abin wani abu ne. A 8x³ − 27, sashen farko muka'abin 2x ne, domin 2x sau 2x sau 2x shi ne 8x³, na biyu kuwa muka'abin 3. Wani lokaci siffar takan ɓuya. A 16x³ + 54, ba 16 ba 54, babu muka'abin cikakkiyar lamba, amma da zarar an fitar da 2 da suka yi tarayya a kansa, sai a sami 2(8x³ + 27).

Manufar ita ce a mayar da lissafin zuwa gaɓoɓin da, idan aka ninka su, za su dawo da shi yadda yake. Ƙa'idojin biyu ne:

a³ − b³ = (a − b)(a² + ab + b²)

a³ + b³ = (a + b)(a² − ab + b²)

Gajeriyar gaɓar tana riƙe alamar da aka zo da ita. A doguwar gaɓar, sashen tsakiya yana ɗaukar kishiyar alamar, na ƙarshe kuwa kullum na tarawa ne. Dalilin wannan saɓani yana bayyana wajen ninkawa: sassan tsakiya suna cinye juna, saura a³ da b³ kaɗai. Idan a shi ne 2x, b kuma 3, to:

8x³ − 27 = (2x − 3)(4x² + 6x + 9)

Gwajinsa ba wuya. Idan x ya zama 2, ɓangaren hagu shi ne 64 a ɗebe 27, saura 37. A dama, gajeriyar gaɓa ta ba da 1, doguwar ta ba da 16 da 12 da 9, wato 37.

Doguwar gaɓar nan ce wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda ta yi kama da murabba'in (2x + 3). Sai dai kama da wane ba ta wane. Murabba'in (2x + 3) shi ne 4x² + 12x + 9, sashen tsakiyarsa 12x ne, alhali na doguwar gaɓar 6x ne, rabinsa ke nan. Wanda ya rubuta (2x − 3)(2x + 3)² ya gwada da 2, zai sami 49 maimakon 37, nan take kuskuren ya fito fili.

Wannan ragin na rabi shi ne ya hana gaɓar rabuwa. Ana iya sake rubuta ta kamar haka:

4x² + 6x + 9 = (2x + 3/2)² + 27/4

Murabba'i ba ya taɓa yin ƙasa da sifili, ko wace lamba aka sa a gurbin x. Saboda haka gaɓar ba za ta sauka ƙasa da 27/4 ba, balle ta kai sifili. Da a ce tana rabuwa zuwa gajerun gaɓoɓi biyu, da kowace daga cikinsu tana da ƙimar x da za ta mayar da ita sifili, kamar yadda 2x − 3 take zama sifili idan x ya zama 3/2, da kuwa doguwar gaɓar ta zama sifili a nan. Tun da hakan ba ya faruwa, rabuwar ba ta yiwuwa matuƙar ana aiki da lambobin haƙiƙa. Hujjar ɗaya ce ga a² − ab + b², alamar da ke cikin baka ce kawai take sauyawa.

Hukuncin yana da iyaka, kuma kuskure ne a koyar da shi kamar ba shi da ita. Yana tabbata ne muddin doguwar gaɓar ba ta wuce murabba'in x ba. A x⁶ − 64, saiwoyin su ne x² da 4, sai a sami (x² − 4)(x⁴ + 4x² + 16). Gajeriyar gaɓar tana rabuwa zuwa (x − 2)(x + 2). Doguwar ma, ko da yake ba ta taɓa zama sifili, tana rabuwa, domin daidai take da (x² + 4)² − 4x², wato bambancin murabba'i biyu, wanda yake ba da (x² + 2x + 4)(x² − 2x + 4). Waɗannan biyun ne ba sa ƙara rabuwa.