Shirin Musamman: Gwajin Ƙwaya a Wurin Aiki da Maganin da Likita Ya Rubuta

Gwajin ƙwaya a wurin aiki bincike ne da ake yi wa ma'aikaci, galibi ta fitsari, domin gano ko akwai ragowar kayan maye a jikinsa. Ana yin sa kafin ɗaukar mutum aiki, ko bayan haɗari, ko kuma ba zato ta hanyar ƙuri'a. Tsarin da aka fi koyi da shi shi ne na Amurka, inda dokar 1991 ta wajabta gwada direbobin manyan motoci, da matuƙan jiragen sama, da ma'aikatan jirgin ƙasa.

A wannan tsari ana karɓar fitsari aƙalla mililita 45. Cikin minti huɗu ake duba ɗuminsa, kuma dole ya kasance tsakanin digiri 32 da 38 a ma'aunin Salshiyos, don a tabbatar yanzu ya fito daga jiki. Sai a raba shi kwalba biyu, ɗaya mililita 30, ɗaya 15, a liƙe su a gaban mai shi, ya sa hannu a kan tambarin. Kwalbar farko ce ake gwadawa, ta biyu kuma a adana ta ba a buɗe ba.

Gwajin kansa hawa biyu ne. Na farko tankaɗe ne mai sauri da arha, wanda ke gane dangin sinadari ta siffarsa, ba ainihin ƙwayar ba. Shi ya sa yakan ruɗe. Rifamfisin, maganin tarin fuka, yana iya fitowa kamar dangin ofiyom, haka kuma efabirenz, maganin cutar ƙanjamau, yakan yi kama da wiwi a wasu na'urorin. Saboda haka duk samfurin da ya tsaya a tankaɗen ana kai shi hawa na biyu, inda na'ura ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta faɗi sunan kowanne da adadinsa. A nan irin wancan ruɗu yake warwarewa.

Amma akwai maganin da har a hawa na biyu zai fito, domin da gaske yana cikin jiki. Misali, direban tirela da aka cire wa haƙori, likita ya rubuta masa maganin ciwo mai kodin. Kwana biyu bayan nan ƙuri'a ta faɗo kansa. Hanta tana mayar da wani ɓangare na kodin ya zama mofin, don haka dukansu biyu na iya bayyana, kuma da zarar tankaɗen ya kai nanogiram 2,000 a kowace mililita, samfurin ya tsaya. Na'ura ba ta san dalilin shan magani ba, adadi kawai take faɗa.

Don haka sakamakon ba ya zuwa hannun kamfani kai tsaye. Yana fara biyawa ta wurin wani likita mai tantancewa, wanda zai kira direban a asirce ya ji ta bakinsa. Wannan kira shi ne babbar damar ma'aikaci, kuma wanda ya yi biris da shi ana iya yanke hukunci ba da shi ba. Abin da ake buƙata shi ne takardar likita mai sunansa da kwanan wata, da kwalin maganin, da bayanin shagon da ya ba shi. Idan likitan ya tabbatar da su, zai sanar da kamfani cewa ba a sami komai ba. In kuwa direban yana ganin an yi kuskure ne tun daga ɗakin gwaji, yana da awa 72 ya nemi a gwada kwalba ta biyu a wani ɗakin gwajin daban.

Takardar likita tana da iyaka. Ba a karɓar maganin da aka rubuta wa mata ko aboki. Kuma ko da takardar ta inganta, idan maganin yana kawo gyangyaɗi a kan sitiyari, likita mai tantancewa na iya nuna damuwa. Sai a ba likitan da ya rubuta maganin kwanakin aiki biyar ya tuntuɓi mai tantancewar kan yiwuwar sauya magani.

A Nijeriya da Nijar, inda da yawa ke sayen tiramadol ko maganin barci a kemis ba tare da takarda ba, nan ne matsalar take, domin babu shaidar da za a nuna. Kuma ba kowane wurin aiki ne ke da likita mai tantancewa ba. Wasu da tankaɗen farko kaɗai suke yanke hukunci. Ma'aikacin da ke shan magani yana kare kansa ne ta ajiye takardar asibiti da katinsa, da sanar da likitan wurin aiki maimakon shugabansa, da kuma neman gwajin tabbatarwa a rubuce kafin ya sa hannu a kan kowace takardar amincewa da sakamako. Daina shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau don tsoron gwaji haɗari ne ga rai, alhali gwajin hawa na biyu ya isa ya wanke mai shan su.