Minti goma sha biyar na gyaran saƙo a WhatsApp

A ce wata mai sayar da atamfa ta tura wa kwastoma lambar asusunta ta WhatsApp da ƙarfe 10:05 na safe. Lambobi goma ne, sai yatsa ya zame, ta rubuta 6 a inda ya kamata 9 ta zauna. Da ƙarfe 10:12 ta lura. Tana da sauran minti takwas, domin tun watan Mayun 2023 WhatsApp ya ba mai tura saƙo damar gyara shi cikin minti 15. Ana fara ƙirga lokacin ne daga sadda saƙon ya fita, ba daga sadda aka karanta shi ba. Ko kwastoman bai buɗe wayarsa ba, da 10:20 ta wuce ƙofa ta rufe.

Yin gyaran ba wuya. Za ta danna saƙon ta riƙe har zaɓuɓɓuka su fito, ta taɓa `Edit` (a wasu wayoyin Android alamar fensir ce, ko kuma yana cikin ɗigo ukun nan na sama), ta gyara lambar, ta tabbatar. Rubutu ake gyarawa. Saƙon murya da hoto ba a sauya su, sai dai a goge a sake turawa.

To me kwastoman zai gani? Zai ga sabuwar lambar a mazaunin tsohuwar, da ƙaramar kalmar `Edited` kusa da lokacin saƙon. Iyakar abin ke nan. WhatsApp ba ya nuna masa abin da aka rubuta da farko, kuma wayarsa ba za ta yi ƙara ta sanar da shi an yi gyara ba.

Wannan shirun ne ya fi damuna, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta. Idan kwastoman ya riga ya kwafi lambar da ƙarfe 10:07 ya shiga manhajar bankinsa, gyaran 10:12 bai same shi ba. Ita tana ganin ta gyara, hankalinta ya kwanta. Shi kuwa yana can yana ƙoƙarin tura kuɗi da lambar kuskure. In Allah Ya taimaka banki ya ce babu wannan asusu, ko sunan wani ya fito ya ankara. In bai duba suna ba kuma aka yi rashin sa'a lambar ta wani ce, maido da kuɗin sai an sha wuya. Haka kuma idan ya riga ya tura saƙon ga yaron shagonsa, ko ya ɗauki hoton fuskar wayar, waɗannan kwafin suna nan da kuskurensu. Saboda haka a duk saƙon da ya shafi lambar asusu, farashi, adireshi ko lokacin ɗaurin aure, gyara kaɗai bai wadatar ba. Ta gyara, sannan ta biyo da sabon saƙo: “Alhaji, a yi haƙuri, na yi kuskure a lambar farko, ga daidai nan.” Sabon saƙo shi ke sa waya ta yi ƙara.

Mai karɓa ma yana da abin kiyayewa. Idan an yi ciniki a rubuce, daga baya ka ga `Edited` a jikin saƙon farashi, ba ka da hanyar ganin tsohon adadin a cikin hirar. Wannan ba ya nufin an cuce ka, sau da yawa harafi ɗaya aka daidaita. Amma abin da ya fi shi ne ka maimaita adadin da hannunka tun farko: “To, mun tsaya a naira dubu arba'in da biyar ke nan.” Saƙonka kai kaɗai ke iya gyara shi.

Ba kowace manhaja ke bin wannan tsarin ba. A iMessage na wayoyin iPhone, tun fitowar iOS 16 a 2022, lokacin minti 15 ne shi ma, ana iya gyara saƙo har sau biyar, kuma mai karɓa yana taɓa `Edited` ya ga duk abin da aka rubuta a baya. Telegram ya fi sakin hannu, yana ba da sa'o'i 48 a hirar mutum biyu, tare da alamar gyara. Saƙon tes na layin waya kuwa, in ya fita ya fita.

Idan minti 15 sun wuce a WhatsApp, abin da ya rage shi ne `Delete for everyone`, wanda ke aiki har kusan kwana biyu. Shi ma yana barin shaida, domin kwastoman zai ga rubutun da ke cewa an goge saƙo. Don haka mai atamfar, in ta makara, ta goge lambar kuskuren don kada wani ya sake kwafarta, ta tura sabuwa tare da sunan asusun da na bankin.